Yadda ake yi wa yaron shago gyara ba tare da an zagi halinsa ba

Maganganun da ke fita daga bakin maigida idan aiki ya ɓaci ba su da yawa, kuma kowa ya san su. "Kai sakarai ne." "Ba ka da hankali." "Ragwanci ya yi maka katutu." "Raini ne ke damunka." Wanda ya zaga shagunan teloli na Dilimi ko na kewayen Taminus a Jos a goman ƙarshe na azumi, lokacin da shadda ta taru kuma kowa yana son kayansa kafin Sallah, zai ji su har ya gaji. Maigidan da ya faɗa yana ganin ya yi gyara, ya sauke nauyi. Yaron da aka faɗa wa kuwa yakan koma kan kekensa fuska a murtuke, alhali bai san takamaiman abin da hannunsa zai yi gobe wanda ya saɓa da na yau ba. An gaya masa ko shi wane ne, ba a gaya masa abin da ya yi ba.

Mu da kanmu muke cewa hali zanen dutse ne. To idan haka ne, wanda ka ce wa sakaci halinsa ne, ka sanar da shi cewa babu abin da zai iya yi. Abu biyu suka rage masa: ko ya yarda ya saduda, ko ya ƙi yarda ya shiga kare kansa. Babu ko ɗaya a ciki da zai mayar da hannun rigar da aka yanke gajere ya yi tsawo.

Masu bincike sun auna wannan. A 1996 wasu masana biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara binciken da aka yi shekara da shekaru a kan gaya wa mutum yadda aikinsa yake, suka duba sakamako 607. A dunƙule gyaran yana inganta aiki, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan aikin baya ya ci bayan an yi wa mutum magana. Bayanin da suka bayar shi ne, gwargwadon yadda maganar ta karkatar da hankalin mutum daga aikin ta mayar da shi kan kansa, wato "ni wane ne, yaya ake kallona", gwargwadon haka amfaninta ke raguwa. Wannan jagorar gaba ɗayanta dabara ce ta tsare hankalin yaro a kan aikin.

Ga matsalar da za mu bi daga farko har ƙarshe. A ɗauka kai tela ne, kana da yara huɗu. Wani kwastomanka na shekaru ya kawo gezna yadi biyar, kaftani da wando, za a karɓa ranar Laraba. A littafin awo ka rubuta hannu inci 25. Ka ba sabon yaronka, wanda ya dawo wurinka daga wani shago wata biyu da suka wuce, ya yanka ya haɗa. Ranar Talata da yamma ka ɗora tef a kan rigar, sai ka ga hannu ya fito inci 23. Ƙyallen da ya rage ba zai fitar da hannu biyu ba.

Da farko, ka raba abin da ka gani da hukuncin da ka yanke

Wannan mataki a cikin kanka ake yin sa, kafin ka buɗe baki, kuma shi ne ya fi wuya. Da ganin 23 ɗin nan, abin da zai faɗo maka shi ne "yaron nan ba ya mai da hankali". Ka tsaya ka tambayi kanka: da a ce an kafa waya tana ɗaukar bidiyon shagon tun safe, me za a gani a ciki? Ba za a ga rashin hankali ba, don ba abin gani ba ne. Za a ga littafi da 25 a rubuce, za a ga yaro ya ja alli ya sa almakashi, za a ga tef yana nuna 23. Abin da bidiyo zai iya nunawa ko kunne zai iya ji, shi ne aiki. Abin da sai ka shiga zuciyar mutum kafin ka same shi, hukuncinka ne, kuma yana iya zama daidai, yana iya zama kuskure.

Zuciya tana da saurin tsallakawa daga aiki zuwa hali, musamman a kan wani. Idan kai ka makara, ka san dalili: ruwan Jos ne ya tsare ka, ko yaro ne ya kwana da zazzaɓi. Idan yaron shago ya makara, rago ne. Masanin halayyar ɗan Adam Lee Ross na jami'ar Stanford ya yi wa wannan karkata suna a 1977, bayan da aka daɗe ana lura cewa mutane sukan ɗora abin da wani ya yi a kan halinsa, su manta da yanayin da yake ciki. Ba mugunta ba ce, haka aka yi mu, shi ya sa sai da gangan ake kauce mata.

Hanya mai sauƙi ita ce ka kama kalmar da ta zo maka, ka tambaye ta: me na gani har na faɗi haka? Idan "rago" ce, amsar tana iya zama: ana buɗe shago ƙarfe takwas, Litinin da Talata ya iso tara da rabi. Idan "ƙazami" ce: ya bar zare da ƙyallaye a ƙarƙashin kekensa ya tafi gida, har shaddar wani ta faɗo a kai. Idan ka tambayi kanka ka rasa amsa, ka ga kawai yaron bai kwanta maka ba, to ba ka da gyaran da za ka yi masa tukuna. Ka ci gaba da lura.

Akwai kalmomi biyu da suke shigo da hukunci ta bayan gida ko da ka yi niyyar maganar aiki: "kullum" da "ba ka taɓa". "Kullum sai ka ɓata yanka." Da jin haka, yaro zai fara lissafo rigunan da ya yanka daidai, kuma zai samu, sai magana ta koma gardamar ƙidaya. Ka faɗi ranar da rigar. Idan sau uku ne, ka faɗi ukun da ranakunsu.

Sannan ka zaɓi abu ɗaya. Yaron nan wataƙila yana makara, yana kuma yawan danna waya. Yau maganar hannun riga ce. Wanda aka jero masa laifi biyar a zama ɗaya, abin da zai tafi da shi shi ne "Oga ya tsane ni".

Lokaci da wuri

Kada maganar ta kwana biyu, don a tuna abin da aka yi dalla-dalla, amma kada ka yi ta a lokacin da tef ke hannunka jikinka na rawa. Ka je ka yi la'asar ka dawo. Kuma ba a gaban sauran yara ba, balle a gaban kwastoma. Shagon tela ƙarami ne, ba shi da ofis, don haka ka ce masa ya raka ka sayen zare, ko ya tsaya bayan an tashi, ko ku fita bakin shago. Wasu masu gida suna ganin idan aka yi wa ɗaya faɗa a gaban kowa, sauran za su ɗauki darasi. Suna ɗauka kuwa, sai dai darasin shi ne a riƙa ɓoye ɓarna. Rigar da aka yanka ba daidai ba sai ta shige ƙasan tulin kaya, ba za ka gan ta ba sai daren Sallah.

Abin da ba ya jira shi ne haɗari. Yaro ya bar dutsen guga a kife a kan kaya, ko yana taɓa wayar janareto da jiƙaƙƙen hannu, nan take za ka ɗaga murya. Ko a nan ɗin ma, "ɗaga dutsen nan!" ya fi "kai wawa!" saurin ceton riga.

Faɗar maganar: ina, me aka yi, me ya jawo

Wata cibiyar horar da shugabanni da ke Greensboro a Amurka ta shahara da koyar da tsari mai gaɓa uku, kuma yana aiki a shago kamar yadda yake aiki a ofis. Ka faɗi lokaci da wurin da abin ya faru, ka faɗi abin da aka yi, ka faɗi abin da ya haifar. Ga yadda aka saba yi:

"Zo nan! Dubi abin da ka yi. Wai kai wane irin mutum ne? Ko makaho ba zai yi wannan yankan ba. Dama na san ba ka da nutsuwa."

Ga yadda za ta kasance a bisa tsarin:

"Zo mu yi magana a kan kaftanin geznar nan ta Alhaji, wadda ka yanka jiya da safe. A littafi hannu 25 ne. Ga tef, auna da kanka. Ka gani, 23 ya fito. Ƙyallen da ya rage ba zai ba mu hannu biyu ba, sai na nemo yadi ɗaya mai irin wannan launin, kuma dole in kira Alhaji in ce masa Laraba ba za ta yiwu ba, sai Juma'a."

Ka lura da abubuwa uku a nan. An miƙa masa tef ya auna da hannunsa, don haka ba maganarka ce da tasa ba, maganar tef ce. Ba a rage komai daga girman ɓarnar ba: kuɗi zai fita, alƙawari ya karye, duk an faɗa. Kuma babu inda aka ce shi wane ne. Masu cewa wannan salo lallashi ne ba su gwada shi ba. Yaro ya fi jin nauyin "dole in kira Alhaji" a kan zagi, don zagi ya saba ji tun yana ƙarami, ya iya toshe masa kunne.

Gaɓar sakamako ita aka fi tsallakewa, kuma ita ce ke sa mutum ya gane dalilin da ya sa abin ya dame ka. Yaron da bai taɓa shiga kasuwa neman shadda mai launi ɗaya da wadda aka riga aka yanka ba, bai san cewa fari ma iri-iri ne ba. Idan sakamakon a zuciyarka yake, shi ma ana iya faɗa, muddin a kanka ka ɗora shi: "Na ji kunyar kiran nan." Wannan gaskiya ce da ba wanda zai musa. "Ka kunyata ni da gangan" kuwa hukunci ne a kan niyyarsa.

Abu ɗaya da ba na goyon baya shi ne naɗe gyara a tsakanin yabo biyu, wato a fara da "kana ƙoƙari", a soka maganar a tsakiya, a rufe da "amma dai kana ƙoƙari". Yaro mai wayo zai gane cewa duk yabon da ya fito daga bakinka share fage ne, daga nan ko ka yabe shi da gaske sai ya tsaya jiran "amma". Marar wayo kuma zai tafi da yabon ya bar gyaran. Haka ma habaici da gugar zana, irin a ɗaga murya a ce "wasu dai ba su san darajar kayan mutane ba". Mai laifin zai ce ba da shi ake ba, marar laifin ya tsargu.

Ka yi tambaya, ka kuma yi shiru

Bayan ka faɗi gaɓoɓi ukun, sai tambaya. Ba "me ya sa ka yi haka?" ba, don a kunnen yaro wannan tuhuma ce, amsarta kuma ɗaya ce: ya sunkuyar da kai ya ce "Oga, a yi haƙuri." Tarbiyyarmu ta koya masa cewa yi wa babba bayani gardama ce, don haka "a yi haƙuri" ba ta nuna ya gane, ba ta ma nuna ya yarda ya yi laifi. Hanyar rufe magana ce cikin ladabi. Ka karɓi haƙurin, amma kada ka tsaya a nan.

Tambayar da ke buɗe baki ita ce wadda ta shafi hannu: "Nuna mini yadda ka auna." Ka shimfiɗa masa wani ƙyalle, ka ba shi alli da tef, ka ja bakinka. Shirun zai yi maka tsawo, ka daure.

A misalinmu, sai yaro ya ɗora tef, ya ja layi a daidai 25.

"A nan ka yanka?"

"Eh, Oga. Abin da ke littafi ke nan."

"Ina na kalmasa? Ina na haɗin kafaɗa?"

"Ai a inda na baro, Oganmu yana haɗawa da su kafin ya rubuta. Abin da ya rubuta shi muke yankawa."

Ka ga inda inci biyun suka tafi. Kai kana rubuta tsawon hannu yadda zai kasance bayan an gama ɗinki, kana sa ran mai yanka zai ƙara inci ɗaya da rabi na kalmasa da rabin inci na haɗi, ya yanka 27. Shi kuwa ya yanka 25 cif, kalmasa da haɗi suka cinye biyu, aka tashi da 23. Yaron ya bi littafi sau da ƙafa. Da ka tsaya a kan "ba ka da nutsuwa", da ya ƙara nutsuwa ya sake yanka 25 a riga ta gaba, don ba nutsuwar ce ta yi ƙaranci ba.

Ba kullum tambaya ke wanke yaro ba. Wani lokaci zai nuna maka ya san sai an ƙara, amma ya yi sauri don ya tafi kallon ƙwallo, ko ya duba awon wani a shafin da ke kusa. Duk ɗaya ne, sai ka ji sannan za ka san maganin. Rashin sani maganinsa koyarwa, gaggawa maganinta ƙa'idar sake dubawa, ruɗewar shafi maganinta a rubuta sunan mai kaya da alli a bayan shaddar. Zagi guda ɗaya ake yi wa duka ukun, shi ya sa ba ya maganin ko ɗaya.

Ku tsayar da abin da hannu zai yi gobe

"Ka riƙa kula" ba umarni ba ne, fata ne. Abin da za ku rabu a kai ya zama wanda za a iya gani an yi ko ba a yi ba:

"A shagon nan, lambar da ke littafi ta gamammen ɗinki ce. Hannu, ka ƙara biyu. Daga yau har Sallah, duk abin da za ka yanka, ka ja alli ka kira ni in gani kafin almakashi ya taɓa shi. Maimaita mini, hannu 24 a littafi, nawa za ka yanka?"

"26, Oga."

Tambayar ƙarshen nan ta fi "ka gane?" amfani nesa ba kusa ba, don babu yaron da zai ce wa maigidansa bai gane ba. Ka kuma sa wa sa-idon iyaka, "har Sallah", don ya san mataki ne na koyo, ba tambarin rashin yarda ba ne na har abada. Idan akwai naka kason, kamar a nan da ba a taɓa gaya masa ƙa'idar littafin ba, ka faɗa a jimla ɗaya ka wuce: "Da ma ya kamata a gaya maka ranar da ka zo." Girmanka ba ya raguwa, kuma gobe idan ya yi shakka zai tambaya.

Wannan salo ba baƙo ba ne a wurinmu. Umar ɗan Abu Salama ya ba da labari, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa yana yaro a gidan Annabi (SAW) hannunsa yana yawo a cikin akushi. Abin da aka ce masa shi ne ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci abin da ke gabansa. Abubuwa uku ne da hannu da baki za su iya yi a loma ta gaba, babu maganar haɗama ko rashin tarbiyya. Ya ce tun daga ranar haka cin abincinsa ya kasance.

Idan abin da ya dame ka "raini" ne

Inci yana da sauƙi, tef ne alƙali. Inda aka fi zamewa shi ne abubuwan mu'amala, irin raini, girman kai, rashin kunya, don a nan kalmar hali ce ke fara zuwa kuma ji kake kamar da idonka ka gan ta. A ce wata Hajiya ta zo karɓar ɗinkin yaranta, ta fita tana cewa yaronka ba shi da ladabi. Idan ka kai masa maganar haka, zai rantse bai yi mata komai ba, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa. Sai ka koma ga tambayar bidiyo. Me ya faru? Ta yi sallama, ya amsa idonsa na kan waya. Ta tambayi kayanta, ya nuna mata da baki bai tashi ba. Ta ce wuyan ya matse, ya ce haka aka auna.

"Ɗazu da Hajiya ta shigo, ka amsa sallamarta kana kallon waya, ba ka tashi ka ɗauko mata kayan ba, da ta yi maganar wuya kuma ka ce haka aka auna. Ta fita rai a ɓace, ta ce mini ba ta jin za ta sake aiko da ɗinki. Kai yaya abin ya kasance ta wajenka?"

Bayan ka ji nasa, sai abin yi: kwastoma ya shigo, a ajiye waya, a miƙe, a gaisa; ya yi ƙorafin awo, a ce "bari mu duba", a ɗauko tef. Wanda aka ce wa "ka daina raini" bai san ta inda zai fara ba. Wanda aka ce wa "ka miƙe ka ajiye waya" zai iya yi yau da yamma, ko da a ransa bai yarda ya raina kowa ba. Kai ma ba amincewarsa da laifi kake nema ba, Hajiya kake so ta dawo.

Yabo ma haka

"Kai gwani ne" daɗin ji gare ta, amma ba ta koyar da komai. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada 'yan aji biyar na firamare a Amurka: wasu aka yabe su da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu aka yabi ƙoƙarin da suka yi. Da aka kawo tambayoyi masu wuya suka faɗi, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya, aikinsu na gaba ya ragu, yayin da na ɗaya rukunin ya ƙaru. Yaron da ka naɗa wa sarautar gwani zai fara gudun aikin da zai iya tona masa asiri. Ka ce masa: "Aljihun nan da ka ɗora, zanen shaddar ya haɗu da na jikin rigar, ba a ma ganin inda aka ɗora. Alhaji ya lura, ya yi magana." Yanzu ya san abin da zai maimaita.

Idan kai ne ƙarami

Yaro ma yana iya yi wa maigida gyara da wannan tsarin, sai dai a nan gaɓar sakamako ce ke ɗaukar nauyi, kuma da izini ake shiga. "Oga ba ya cika alƙawari" magana ce da za ta iya raba ka da shagon. Amma a keɓe, bayan an ci abinci: "Oga, don Allah ina da 'yar magana, idan ba damuwa. Satin nan mutum uku aka ce wa su zo Alhamis, kuma duka ukun a kekena suke. Biyu na iya gamawa, na ukun ya zo ya yi ta faɗa da ni ba ka nan. Ko zai yiwu kafin a ba da rana a riƙa duba abin da ke layi?" Babu zargi a ciki, lissafi ne da roƙo. Maigida mai hankali zai ji, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ba ya ji kuma, aƙalla bai sami kalmar da zai riƙe ka da ita ba.

Bayan kwana biyu, da inda tsarin ke tsayawa

Ka koma ka duba, kuma ka faɗi abin da ka gani. Yaro ya ja alli a 27 ya kira ka, ka ce "haka ne, yanka." Idan ya gyara ba ka ce komai ba, zai ɗauka ɓarna kaɗai kake gani. Alamar cewa gyaran ya shiga ba sunkuyar da kai ba ce. Alamar ita ce ranar da ya zo da kansa da riga a hannu ya ce, "Oga, wannan awon ban gane shi ba," ko ma "na yi kuskure a nan" tun kafin ka gani. Alamar cewa ka koma zagin hali ba ka sani ba kuwa, ita ce shago ya yi tsit idan ka shigo, tambaya ta ƙare, ɓarna kuma sai a hannun kwastoma ake gano ta.

Idan abu ya maimaitu bayan an yi bayani, an nuna, an kuma tabbatar ya gane, to maimaituwar ita ce sabon aikin da za a yi magana a kai, har yanzu da ranaku: "Mun yi magana ranar Talata. Asabar ka yanka wandon Malam ba ka kira ni ba, yau ma haka. Idan aka sake, zan ɗauke ka daga yanka in mayar da kai guga da sa maɓalli har bayan Sallah." Ka faɗi abin da za ka iya aikatawa kawai, ka kuma aikata idan lokacin ya zo. Wani yaron kuma za ka tarar yana bin duk ƙa'ida amma hannunsa bai faɗa ba tukuna. Wannan ba magana yake buƙata ba, ƙyallen atamfa mai araha yake buƙata ya yi ta yanka, a nisanta shi da geznar mutane. Idan kuwa abin ya kai ga ɗauke kuɗin kafin alƙalami ko sayar da ragowar yadin kwastoma, an bar fagen gyaran aiki. Nan sai a kira mahaifinsa ko wanda ya kawo shi ya tsaya masa, a zauna, a faɗi ranar, da adadin kuɗin, da wanda ya gani.